Ko sunan nan yana cikin wancan jerin? Tambayoyi da amsoshi kan MATCH da ISNUMBER

Aikin da za a yi magana a kansa shi ne wannan: kana da jerin sunaye biyu a Excel, kana son sanin ko kowane suna na jerin farko yana cikin na biyu. Misali guda za mu bi har ƙarshe. A ginshiƙin A akwai waɗanda suka yi rajistar wani horo, a ginshiƙin D kuma akwai waɗanda suka rubuta jarrabawar ƙarshe. Layi na 1 na kanun magana ne, sunaye sun fara daga layi na 2.

```
     A          D
2    Amina      Hauwa
3    Musa       musa
4    Sa'adatu   Danladi
5    Ɗanladi    Amina
6    Hauwa      Sa'adatu
7    Kabiru     Zainab
```

Sunaye shida kawai na saka don a iya bin kowanne da ido. Ko da sunaye dubu biyar ne, fomular ba ta canzawa, sai dai iyakar jerin.

Wace fomula zan rubuta, kuma a ina?

Ka shiga akwatin B2, wato gefen sunan farko, ka rubuta:

```
=ISNUMBER(MATCH(A2,$D$2:$D$7,0))
```

Ka danna Enter, sannan ka kama ɗan murabba'in da ke ƙasan kusurwar dama ta akwatin ka ja shi har B7. Duk inda aka samu sunan za ka ga TRUE, inda ba a samu ba za ka ga FALSE. Haka take aiki a Google Sheets da LibreOffice Calc ma. Idan Excel ya ƙi karɓar fomular, ka gwada waƙafi mai ruwa (;) a madadin waƙafi, domin tsarin yankin da aka saita wa wasu kwamfutoci haka yake buƙata.

Mene ne aikin MATCH, mene ne na ISNUMBER? Ɗaya ba zai wadatar ba?

MATCH ne mai neman. Abu uku ake ba shi: abin da zai nema, inda zai nema, da irin neman da zai yi. Idan ya samu, ba sunan yake dawo maka da shi ba, matsayinsa a cikin jerin yake faɗa. Ka rubuta wannan a wani akwati ka gani:

```
=MATCH(A6,$D$2:$D$7,0)
```

Amsar ita ce 1, saboda Hauwa ce ta farko a jerin D2 zuwa D7. A lura, tana layi na 2 ne a shafin, amma MATCH daga farkon jerin da ka ba shi yake fara ƙirge. Musa zai ba da 2, Sa'adatu 5. Kabiru kuwa, tunda babu shi, sai `#N/A` ya fito.

Ke nan amsar MATCH iri biyu ce: ko lamba, ko kuskure. ISNUMBER tambaya ɗaya yake yi wa abin da aka miƙa masa: lamba ce? In lamba ce ya ce TRUE, in wani abu ne daban ya ce FALSE. Amfanin haɗa su shi ne ka samu amsa mai tsabta wadda za ka iya tacewa da Filter, ka ƙirga, ko ka saka cikin IF. Shi `#N/A` yaɗuwa yake yi: duk lissafin da ya taɓa akwatin da yake ciki, shi ma kuskure zai koma.

Ga sunan ina kallonsa a jeri na biyu, amma fomula ta ce FALSE. Me ya faru?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. A misalinmu sakamakon farko ya fito haka: Musa, Sa'adatu da Hauwa TRUE, Amina, Ɗanladi da Kabiru FALSE. Wanda ya ɗauki sakamakon yadda ya zo zai rubuta cewa mutum uku ba su rubuta jarrabawa ba. Alhali Kabiru ne kaɗai bai rubuta ba. Fomular ba mutane take kwatantawa ba, haruffa take kwatantawa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ido ba ya gani. Don haka FALSE ba ta nufin mutumin ba ya nan. Abin da take nufi shi ne ba a samu rubutu iri ɗaya sak ba.

Mu fara da Amina. Wanda ya buga jeri na biyu ya bar tazara a bayan sunan, kuma tazara harafi ce a wurin Excel. Hanyar gano ta ita ce ƙirga haruffa:

```
=LEN(A2)
=LEN(D5)
```

Ta farko ta ba da 5, ta biyu ta ba da 6. Bambancin nan na ɗaya shi ne matsalar. Maganinsa TRIM, wanda ke cire tazarar gaba da ta baya, ya kuma mayar da tazara biyu ko uku da ke tsakanin kalmomi zuwa guda. Ka buɗe ginshiƙin taimako a E, ka rubuta `=TRIM(D2)` a E2, ka ja zuwa E7, sannan ka sa neman ya koma can:

```
=ISNUMBER(MATCH(TRIM(A2),$E$2:$E$7,0))
```

Ana iya cusa TRIM a kan jerin gaba ɗaya cikin fomula guda, amma a Excel 2019 da waɗanda suka gabace shi sai an shigar da ita da Ctrl+Shift+Enter, kuma wanda zai gaji fayil ɗin bayanka ba lallai ya san haka ba. Na fi son ginshiƙin taimako, domin kowa yana ganin abin da aka gyara.

Wani lokaci kuma ka sa TRIM, LEN ya ci gaba da cewa 6. Wannan yakan faru da sunayen da aka kwafo daga shafin intanet ko daga wata manhaja. Akwai wata tazara ta daban da ake amfani da ita a shafukan intanet don hana layi karyewa. A ido daidai take da wadda ka saba, amma lambarta 160 ce, ta yau da kullum kuwa 32, kuma TRIM ta 32 kaɗai yake cirewa. Ka tambayi harafin ƙarshe lambarsa:

```
=UNICODE(RIGHT(D5,1))
```

In ka ga 160, sai ka canza fomular E2 ta fara musanya ta da tazarar da aka saba kafin TRIM ya yi nasa aikin:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(D2,UNICHAR(160)," "))
```

Sai Ɗanladi. Wani ya buga shi da Ɗ mai lanƙwasa, wani da D. Haruffa biyu ne daban: `=UNICODE(A5)` zai ba ka 394, `=UNICODE(D4)` zai ba ka 68. Haka lamarin yake ga ƙ da k, da ɓ da b. Alamar hamza ta cikin suna kamar Sa'adatu ma tana kawo irin wannan, domin akwai miƙaƙƙiya mai lamba 39, akwai kuma lanƙwasasshiya mai lamba 8217 wadda Word yakan saka da kansa yayin bugawa. In sunayen da abin ya shafa kaɗan ne, ka gyara su da hannu a jerin da aka yi kuskuren. In suna da yawa, ka yi amfani da SUBSTITUTE a ginshiƙan taimako na ɓangarorin biyu don su zama iri ɗaya, ka bar ainihin sunayen yadda masu su ke rubuta su. Ka tuna SUBSTITUTE yana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka Ɗ da ɗ kowanne da nasa musanyar.

Akwai kuma abin da babu fomular da za ta warware: Muhammad da Muhammadu, Aisha da A'ishatu, ko a rubuta sunan uba a gaba a jeri ɗaya, a baya a ɗayan. Irin wannan sai mutum ya duba. Shi ya sa bayan tsaftacewa ya kamata ka tace duk masu FALSE ka karanta su ɗaya bayan ɗaya kafin ka miƙa wa kowa sakamako, musamman idan sakamakon zai hana wani takardar shaida ko haƙƙinsa.

Sifilin nan na ƙarshe dole ne?

Dole ne, kuma barinsa ya fi duk kura-kuran da ke wannan shafin haɗari, domin ba ya nuna kansa. Sifili yana nufin a nemo daidai sak. In ka cire sifilin tare da waƙafin da ke gabansa, MATCH zai ɗauka 1 ka ce. Ma'anar 1 ita ce: jerin a tsare yake daga A zuwa Z, a nemo abu mafi girma da bai wuce abin da ake nema ba.

A ce an tsara jeri na biyu bisa haruffa: Amina, Danladi, Hauwa, musa, Sa'adatu, Zainab. Ka nemi Kabiru ba tare da sifili ba. Harafin K yana bayan H, yana gaban M, sai MATCH ya tsaya a kan Hauwa ya ce 3. Uku lamba ce, ISNUMBER ya ce TRUE. Ga mutumin da bai shiga ɗakin jarrabawa ba, fomula ta shaide shi. In kuma jerin ba a tsare yake ba, amsar ba ta da wani tsari da za ka dogara da shi, wasu su fito daidai, wasu a birkice. Alamar da za ka gane: kusan kowa TRUE. Gwajin da ke tona asirinsa shi ne ka buga wani suna da ka tabbata babu shi, kamar "xyz", a ƙarshen jerin farko. In ya fito TRUE, sifilinka ya faɗi.

A Excel 2021 da Microsoft 365 akwai XMATCH, wanda daidai sak yake nema ko ba ka ce masa komai ba. Sai dai ba ya aiki a tsofaffin Excel, don haka in fayil zai zagaya hannu da yawa, MATCH da sifilinsa ya fi aminci.

Na sama sun fito daidai, amma ana sauka ƙasa FALSE na ƙaruwa. Me ya jawo?

Alamar dala ce ba ka saka ba. In ka rubuta `D2:D7` kawai, yayin da kake jan fomula ƙasa, jerin neman ma sauka yake yi tare da ita. A B3 ya zama `D3:D8`, a B6 ya zama `D6:D11`. Hauwa tana D2, kuma a layi na 6 ake nemanta, lokacin da jerin ya riga ya baro ta a sama. Sai ta fito FALSE. Ka danna akwatin ƙarshe ka karanta fomular da ke ciki, nan take za ka gani. `$D$2:$D$7` yana kafe jerin wuri ɗaya, kuma maɓallin F4 yana saka alamomin idan ka zaɓi jerin a cikin fomula. A2 kuwa kada ka kafe layinsa, domin shi ake so ya riƙa sauka.

Kafewar tana da nata cikas: in an ƙara sabon suna a D8, fomula ba za ta gan shi ba. Don jerin da ke ƙaruwa, ka ba ta ginshiƙin gaba ɗaya, `$D:$D`, ko ka mayar da jerin tebur da Ctrl+T.

Kowane suna ya fito FALSE, ko ɗaya babu TRUE.

Ka cire ISNUMBER na ɗan lokaci ka bar MATCH shi kaɗai. Dalili kuwa, ISNUMBER ba ya bambanta kuskure da kuskure, duk haɗiye su yake yi. In ka buga MACTH a madadin MATCH, kuskuren `#NAME?` ne, amma FALSE za ka gani. In an goge ginshiƙin da fomula ke dubawa, `#REF!` ne, nan ma FALSE. Sai ka cire shi za ka san abin da ke ƙasa.

In `#N/A` ne a ko'ina, ka duba jerin da ka ba MATCH. Ginshiƙi ɗaya ko layi ɗaya kawai yake iya bincikawa. Ka ba shi `$D$2:$E$7`, wato ginshiƙi biyu a haɗe, ba zai samu komai ba ko da sunan yana ciki.

Ga wanda yake son sauran kura-kurai su riƙa bayyana, akwai wata hanya daga Excel 2013 zuwa sama: `=IFNA(MATCH(A2,$E$2:$E$7,0),"Babu")`. Wannan `#N/A` kaɗai take rufewa.

Babban baƙi da ƙarami fa?

MATCH bai damu da su ba. Shi ya sa Musa ya samu "musa" a misalinmu. A harkar sunaye wannan alheri ne. In kuwa lambobin shaida ne da `ab12` ya bambanta da `AB12`, sai EXACT:

```
=SUMPRODUCT(--EXACT(A3,$D$2:$D$7))>0
```

Wani abu da ke kusa da wannan: idan an sa sifili, MATCH yana ɗaukar tauraro da alamar tambaya a cikin abin da ake nema a matsayin umarni. Tauraro na nufin kowane adadin haruffa, alamar tambaya na nufin harafi guda, kowanne ne. Mutane kan sa wa suna tauraro don tunawa da wani abu. In aka rubuta `Ali*` a jerin farko, zai dace da Aliyu a jeri na biyu, ya fito TRUE ba gaira ba dalili. Irin wannan alamar a ba ta ginshiƙinta daban.

Ina son "Akwai" da "Babu" maimakon TRUE da FALSE, ko kuma a sa wa sunayen launi.

```
=IF(A2="","",IF(ISNUMBER(MATCH(TRIM(A2),$E$2:$E$7,0)),"Akwai","Babu"))
```

IF na waje yana hana layukan da babu suna su cika da "Babu". Don launi kuwa, ka zaɓi A2 zuwa A7, ka shiga Home, Conditional Formatting, New Rule, ka zaɓi "Use a formula to determine which cells to format", ka rubuta `=ISNA(MATCH(TRIM($A2),$E$2:$E$7,0))`, ka zaɓi launi. Waɗanda ba a samu ba ne za su rinu.

Yaya zan san adadin waɗanda aka samu? Kuma in kowa ya fito TRUE, jerin biyu sun zama ɗaya ke nan?

Don adadi, `=COUNTIF(B2:B7,TRUE)` ya isa. In ba ka son ginshiƙin B sam:

```
=SUMPRODUCT(--ISNUMBER(MATCH(A2:A7,D2:D7,0)))
```

Alamar ragewa biyun tana mayar da TRUE 1, FALSE kuma 0, sai a tara. A misalinmu amsar 3 ce kafin gyara, 5 bayan an cire tazarar Amina an gyara harafin Ɗanladi.

Tambaya ta biyu kuwa, a'a. Binciken fuska ɗaya yake kallo. Zainab ta rubuta jarrabawa ba tare da rajista ba, kuma babu inda ginshiƙin B zai gaya maka, domin ba a taɓa neman ta ba. Sai ka juya fomular a F2, ka nemi sunayen jeri na biyu a cikin na farko:

```
=ISNUMBER(MATCH(E2,$A$2:$A$7,0))
```

A nan ne Zainab za ta fito FALSE. In jerin farko ma yana da tazarar banza, shi ma sai an yi masa ginshiƙin taimako kafin wannan juyin.

Mutum biyu suna ɗaya. Ya za a yi?

Nan ne TRUE ma kan yi ƙarya. A ce Musa biyu suka yi rajista, ɗaya ne ya rubuta jarrabawa. Dukansu za su fito TRUE, saboda kowanne ya nemi "Musa" ya samu. MATCH yana tsayawa a na farkon da ya ci karo da shi, ba ya ƙirga sau nawa suna ya zo, ba ya kuma cire wanda aka riga aka samu. Kafin ka fara komai, ka duba maimaici a jerin farko da `=COUNTIF($A$2:$A$7,A2)`. Duk inda ka ga 2 ko fiye, suna kaɗai ba zai raba gardama ba.

In sunan uba yana wani ginshiƙi, ka haɗa su a ginshiƙin taimako a jerin biyu, da wata alama a tsakani, sannan ka nemi haɗin. A ce suna yana A, sunan uba yana C:

```
=TRIM(A2)&"|"&TRIM(C2)
```

Ko wannan ba ya rufe ƙofa gaba ɗaya a jeri mai tsawo, tunda ana samun masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Duk inda ake da lambar rajista, ita ya kamata a kwatanta, suna ya zama abin tabbatarwa kawai.

Na koma lambar rajista, amma ita ma FALSE take bayarwa.

Wataƙila a jeri ɗaya lamba ce ta gaske, a ɗayan kuma rubutu ce mai kama da lamba. MATCH ba ya haɗa 1024 ta lissafi da "1024" ta rubutu. In ba a taɓa daidaiton akwati ba, lamba takan jingina dama, rubutu ya jingina hagu, kuma sau da yawa Excel yakan sa ɗan koren alwatika a kusurwar akwatin. `=ISTEXT(D2)` zai tabbatar maka. In jerin neman rubutu ne, ka nemi `A2&""`. In lambobi ne, abin nemanka kuma rubutu, ka nemi `VALUE(A2)`. Lambar da ta fara da sifili, kamar 0075, a bar ta rubutu a ɓangarorin biyu, domin mayar da ita lamba zai zubar da sifilan.

Ba COUNTIF ya fi sauƙi ba?

`=COUNTIF($D$2:$D$7,A2)>0` ta fi gajarta, kuma a kan sunaye zalla amsa ɗaya za su ba ka. Tazara da lanƙwasa suna ruɗa ta kamar yadda suke ruɗa MATCH. Tana kuma iya duba ginshiƙi da yawa a lokaci guda. Inda suka rabu wuri biyu ne da ya kamata a sani. COUNTIF ba ya bambanta lamba da rubutu mai kama da lamba, har yakan ɗauki 0075 da 75 abu ɗaya, wanda wani lokaci sauƙi ne, wani lokaci kuma haɗa mutum biyu ne. Na biyu, in jerin yana wani fayil da ke rufe, COUNTIF yana komawa `#VALUE!` da zarar ya sake lissafi, MATCH kuwa yana ci gaba da aiki.

Jeri na biyu yana wani shafi daban.

Ka sa sunan shafin da alamar motsin rai kafin jerin. In sunan yana da tazara, sai an kewaye shi da alamar ɗauri guda-guda:

```
=ISNUMBER(MATCH(A2,'Masu jarrabawa'!$A$2:$A$500,0))
```

Ba sai ka buga da hannu ba: in ka kai wurin jerin a cikin fomula, ka danna shafin ka zaɓi akwatunan, Excel zai rubuta sunan da kansa. Tsakanin shafukan fayil ɗaya ba ya saka alamar dala, don haka ka danna F4 kafin ka sa waƙafi da sifili.